Yadda Ake Zaƙulo Suna, Shekara da Adadi Daga Dogon Rubutu

Dabaru biyu ne ake haɗawa idan ana neman abu ɗaya a cikin dogon rubutu kuma lokaci ya ƙure. Ta farko ita ce karatun sama-sama: a duba kanu, a karanta jimlar farko ta kowane sakin layi, domin galibi a nan marubuci kan faɗi abin da zai yi magana a kai. Da wannan ake gane inda kowane batu ya zauna. Ta biyu ita ce lalube, inda ido ke sauka daga saman shafi zuwa ƙasa yana neman siffar abu ɗaya tak, ba tare da karanta jimloli ba.

A ɗauki shafuka biyar kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a ce tambayar ita ce shekarar da aka ci Alƙalawa. Karatun sama-sama zai nuna cewa farkon rubutun wa'azi ne da zaman Ɗagel, tsakiyarsa hijira da yaƙe-yaƙe, ƙarshensa kuma mulkin Muhammadu Bello. Ke nan a tsakiya amsar take. Sai a ɗora yatsa a gefen shafi ana saukowa da shi, ido na neman babban baƙin "A" ko lambobi huɗu a jere. Zai ci karo da 1804 sau biyu, wajen hijira zuwa Gudu da wajen yaƙin Tabkin Kwatto, kafin ya isa 1808.

A nan ne masu gaggawa ke yin tuntuɓe, domin sukan cafke shekarar da ta fi kusa da sunan. Alƙalawa babban birnin Gobir ne, saboda haka sunan zai iya fitowa dab da 1804 alhali birnin bai faɗi ba tukuna. Dole ne a tsaya a karanta jimlar ɗungurungum, har da wadda ta gabace ta, a ga aikatau: "aka nufi" ne, "aka kewaye" ne, ko "aka ci"? Wannan tsayawa ba ta kai rabin minti ba, amma ita ke raba amsa da kuskure.

Wani tarkon shi ne abin da ake nema ya sauya kama. Marubuci zai iya rubuta adadi da kalmomi, kamar "dubu uku", ido kuwa lambobi yake jira. Rasuwar Shehu kan zo a 1817 a wani littafin, a wani kuma 1232 ta Hijira. Shi kansa Shehun a kira shi Ɗanfodiyo a nan, Mujaddadi a can. Gara a tanadi siffa biyu ko uku a zuciya kafin a fara. A rubutun ajami kuwa babu manyan baƙaƙe, sai a dogara da kalmomin da ke rakiyar suna, irin su Sarkin, Malam da ɗan.