Yadda Ake Daidaita Inuwa a Hoton Talla

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa cikinmu yanzu suna shirya hotunan talla a kwamfuta domin 'yan kasuwar Kafanchan. Akan ɗauki hoton kaya, a yanke shi, a ɗora shi bisa wani hoto dabam. Sau da yawa mai kallo yakan ce kayan suna lilo a iska, ko da bai san dalili ba. Dalilin kuwa inuwa ce. Ina so in nuna yadda nake daidaita ta, da misali guda.

A ce muna da hoton gwangwanin garin citta, muna so mu sa shi a hoton filin shanyar citta. An ɗauki hoton filin da tsakar rana a watan Disamba, mai ɗauka yana fuskantar yamma, akwai kuma turmi tsaye a gefe. Wannan turmi shi ne malaminmu, gama abin da rana ta yi masa shi za ta yi wa gwangwani.

Abu na fari shi ne inda inuwa ta nufa. Kafanchan tana arewa da tsakiyar duniya da wajen digiri tara da rabi. Saboda haka a Disamba rana takan karkata kudu da tsaka, inuwa kuma ta faɗi arewa, watau hannun dama na wanda ya fuskanci yamma. Nakan ja layi daga gindin turmi zuwa kan inuwarsa, sa'an nan in ja wani mai tafiya daidai da shi daga gindin gwangwani. Tun da inuwa ta bi dama, lalle gefen hagu na gwangwani ne zai fi haske. In hasken yana dama, kada a juya hoton, domin rubutun jikin gwangwani zai birkice. Gara a sāke ɗauka, hasken yana hagu.

Na biyu shi ne tsawo. A wannan lokaci rana tana bisa da wajen digiri 57, inuwa kuwa takan kai kashi biyu cikin uku na tsayin abu. Amma ba sai an yi lissafi ba, ma'auni ya isa. In turmi santimita 6 ne a hoto, inuwarsa 4, to, gwangwani mai santimita 9 inuwarsa za ta zama 6. A lura dai, abin da aka auna ya kasance kusa da wurin da za a ajiye gwangwani, gama inuwar abin da ke can nesa ba ta bin layi ɗaya da ta kusa a hoto.

Na uku shi ne kaifin bakin inuwa. Rana ƙarama ce a ido, faɗinta rabin digiri kaɗai. Shi ya sa bakin inuwarta yakan dushe da wajen santimita ɗaya a kowace mita da ke tsakanin abu da inda inuwarsa ta faɗi. Gwangwani mai tsayin santimita 20, dushewar kan inuwarsa ba ta wuce milimita 2 ko 3 ba, a gindi kuwa babu ita sam. Amma ran da hazo ya rufe gari, ko gajimaren Agusta ya sauko bisa duwatsun Kagoro, haske yakan zo daga sararin sama duka. Sai inuwa ta yi laushi, wani lokaci ma ba abin da ya rage sai ɗan duhu a gindi. Turmi ne zai faɗa mana irin ranar da aka yi.

Ga yadda ake aikin a Photoshop. A kwafi siffar gwangwani a sabon shafi ƙarƙashinsa, a cika ta da launin da aka ɗebo daga inuwar turmi, ba baƙi ƙirin ba. A kwantar da ita bisa layin nan da `Distort`, a sa shafin a `Multiply`, a rage ƙarfinsa har duhunta ya yi daidai da na turmi. Sa'an nan a sa `Gaussian Blur` kaɗan, ya fi yawa wajen kai. Daga ƙarshe a zana siririn duhu inda gwangwani ya taɓa ƙasa, domin shi ke zaunar da kaya. Kada a dogara ga `Drop Shadow`, gama yakan sa gwangwani ya zama kamar takarda da aka manna a bango.

In an gama, a rage girman hoton, a runtse ido a duba. In inuwar gwangwani ta fi ta turmi duhu, ko ta saɓa mata hanya, ko haske ya ɓullo tsakaninta da gindi, to, da sauran aiki. Rana ɗaya ce a sama, kada hotonmu ya nuna biyu.