Idan Kaya Ya Taru a Gefe Guda: Yadda Ake Gane Lotsawar Bim

A sito, ba kasafai kaya ke baje daidai ba. Sai a jibge buhuna a gefe guda, ɗaya gefen wayam. Bim ɗin da ke ɗauke da benen, wanda bakinsa biyu ke zaune kawai a kan ginshiƙai, zai lotsa, bakunansa su ɗan karkata. Injiniya na son sanin yawan wannan lotsawa tun kafin a aza buhun farko. Ɗaya daga cikin hanyoyin da yake bi ita ce ƙa'idoji biyu da ake dangantawa da Otto Mohr na Jamus da Charles Greene na Jami'ar Michigan, wanda ya gabatar da su a 1873.

Da farko ana zana yadda ƙarfin lanƙwasa, M, ke hawa da sauka a tsawon bim, a raba shi da taurin bim ɗin, EI. Ka'ida ta farko ta ce faɗin filin zanen tsakanin wurare biyu shi ne bambancin karkatarsu. Ta biyu kuma ta ce idan ka ja miƙaƙƙen layi mai shafar bim a wuri ɗaya, tazarar da wani wurin ya yi da layin ita ce filin da ke tsakaninsu sau nisan cibiyar filin daga wurin da kake aunawa.

Mu ɗauki bim na ƙarfe mai mita 6, daga A zuwa B, mai EI na 10,000 kN·m². An ɗora masa 10 kN a kowace mita, amma a mita 3 na gefen A kaɗai. Kusan buhun siminti 60 ke nan. Mun ajiye nauyin bim ɗin kansa a gefe. Ginshiƙin A zai ɗauki 22.5 kN, na B ya ɗauki 7.5 kN, M kuwa a tsakiya 22.5 kN·m ne.

Da kayan ya cika bim ɗin, da aikin ya yi sauƙi, domin layin da ya shafi tsakiya zai kwanta ɗoɗar, a fara daga nan. Da yake kayan gefe guda ne, ba mu san inda layin ke kwanciya ba. Abin da muka tabbatar shi ne A da B ba su motsa ba, don haka daga can za a faro.

A yanka zanen gida biyu. Akwai babban alwatika mai gindin mita 6 da tsawo 22.5, filinsa 67.5, cibiyarsa mita 3 daga B. Sai tozon da ke zaune a kansa a ƙarƙashin kayan, mai gindin mita 3 da tsawo 11.25, filinsa kashi biyu cikin uku na gindi sau tsawo, wato 22.5, cibiyarsa mita 4.5 daga B. Yanzu a ja layi daga A, a auna tazararsa da B:

t = 67.5×3 + 22.5×4.5 = 303.75

Tunda B na nan inda yake, raba wannan da mita 6 zai ba da karkatar A: 50.625. Idan aka raba da EI, kusan digiri 0.3 ke nan.

Saura lotsawar tsakiya. Layin da aka ja daga A ya sauka 50.625×3, wato 151.875, a daidai tsakiya. Amma bim ɗin bai bi layin ba, ya lanƙwaso sama ya bar shi. Ka'ida ta biyu ce ke faɗin nawa ya bar shi: rabin alwatika, 33.75, sau mita 1, a haɗa da tozo, 22.5, sau mita 1.5, ya zama 67.5. A cire wannan daga 151.875, saura 84.375. A raba da EI, a sami milimita 8.4.

Mafi zurfin lotsawa ba a tsakiya yake ba. Yana inda filin da aka tara daga A ya cinye karkatar A baki ɗaya, wato wajen mita 2.76, ya ɗan gusa ɓangaren kaya. A can milimita 8.5 ne. Iyakar da aka saba sa wa bim mai ɗauke da filasta ita ce tsawonsa a raba 360, milimita 16.7 a nan, saboda haka wannan bim ya tsallake.

Kuskure biyu ne ke yawan kayar da ɗalibai. Wasu kan ɗauki tazarar nan ta 67.5 a matsayin lotsawa, alhali daga karkataccen layi aka auna ta. Wasu kuma kan auna nisan cibiya daga A, bayan tazarar B suke nema. Maganinsu gwaji ne mai sauƙi: a maimaita lissafin daga B, a sami 39.375, idan aka haɗa da 50.625 dole a sami 90, jimillar filin zanen. Gefen da ke da kaya kuma shi ya kamata ya fi karkata.

Hanyar tana aiki ne muddin lotsawar ƙarama ce kuma ƙarfen bai wuce inda zai koma yadda yake ba. A bim ɗin kankare kuwa, tsagewa na rage taurinsa, kuma yakan ci gaba da lotsawa shekara da shekaru. Wanda ya yi lissafi da EI na kankaren da bai tsage ba zai sami adadin da bai kai ainihin lotsawar ba.