Yadda Ake Tantance Tarihin Mai Jagorantar Matasa

Ƙungiyoyin jin ƙai da ke tara matasa a Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, don koyon sana'a ko darasin yamma ko ƙwallo, sukan gabatar da jagoran shirin da taƙaitaccen tarihinsa. Da wannan ɗan rubutu iyaye kan yanke shawarar miƙa 'ya'yansu, masu hannu da shuni kuma su ba da gudummawa. Sai dai sau da yawa jagoran ne da kansa ya rubuta shi, don haka da'awa ce har sai an tabbatar.

Tarihi na gari yana faɗin abin da za a iya bin sawunsa: wurin da mutum ya yi aiki, shekarun da ya yi, da wanda ya yi aikin a ƙarƙashinsa. Wanda aka ce ya koyar a wata sakandare da ke Kiyawa daga 2015 zuwa 2020, aka kuma ambaci sunanta, ana iya zuwa a tambayi shugaban makarantar. Wanda kuwa aka ce "gogagge ne, mai kishin al'umma, ya horar da dubban matasa" bai bar wa mai tambaya ƙofa ko ɗaya ba.

Shekarun ma sukan tona asiri. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, saboda haka duk wanda ya ce a 2009 ya kammala digiri a can, maganarsa ta rushe. Haka wanda ya ce ya yi wa gwamnatin Jigawa aiki a 1988, alhali sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiri jihar. Kuskure ɗaya irin wannan ya isa a sake duba sauran bayanan.

Lambar rajista da hukumar CAC ke bayarwa tana nuna cewa ƙungiyar na da amintattu da doka ta sani. Ba ta shaidar halin wanda zai zauna da yaran. Hoto da wani babban mutum ko lambar yabo ma ba shaida ba ne.

Hali kuwa a wurin waɗanda suka zauna da mutum ake jin sa: mai unguwa, dagaci, limamin masallacinsu, da iyayen yaran da suka taɓa wucewa ta hannunsa. Ya kamata a tambaye su dalilin barinsa wurin aikinsa na baya, da yadda yake riƙon kuɗin jama'a, da ko yana keɓewa da yaro ko yarinya ba tare da wani babba ba. Jagoran kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fusata, ko ya ƙi ambaton mutum biyu da za su tsaya masa, kada a ba shi amanar yaro ko kuɗi.