Agogon zamani da agogon da aka saba: batir, awon lafiya da tsawon rai

Agogon zamani, wanda ake haɗawa da waya, ƙaramar kwamfuta ce da ake ɗaurawa a tsintsiyar hannu. Yana nuna saƙonni, yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya, nuna lokaci kuwa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa. Agogon da aka saba da shi iri biyu ne: mai batir, irin Casio F-91W da ya fito a 1989, da kuma mai wani ko mai tafiya da motsin hannu, irin Seiko 5 da dattawa da yawa ke ɗaurawa har yau. Wanda ke son zaɓa tsakaninsu zai fi amfana idan ya fara da batir, domin a kansa sauran lissafin ya rataya.

Agogo mai batir ba ya cin wuta sosai saboda aikinsa ƙalilan ne. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin dutse da ke kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa idan wuta ta ratsa shi, sai agogon ya ƙirga kaɗawar ya fitar da lokaci. Shi ya sa batir guda mai faɗin kwabo, CR2016, ke riƙe F-91W kimanin shekara bakwai, kuma kuskurensa bai wuce daƙiƙa talatin a wata ba. Mai wani ba ya buƙatar batir ko kaɗan, amma idan aka ajiye shi yakan tsaya bayan kamar awa arba'in, kuma yakan yi gaba ko baya da daƙiƙu da dama a kowace rana.

Agogon zamani yana ciyar da allo mai haske, da fitilun awo, da sadarwa da waya, wani lokaci har da na'urar gano wuri. Tun fitowar Apple Watch a 2015, awa 18 kamfanin ya daɗe yana alkawarta wa yawancin samfuransa, wato caji kullum. Wasu agogunan Garmin da Huawei sukan kai mako ɗaya ko biyu, galibi saboda ba sa ɗaukar manhajoji masu nauyi. A garin da wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramar magana ba ce, musamman da yake mai son agogon ya auna masa barci ba zai iya barinsa a caji da dare ba.

Batirin kuma yana tsufa. Apple ya ce an ƙera batirin agogonsa ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 1,000. Idan mutum yana cinye cajin kusan duka a kowace rana, zai kai wannan adadi kafin ya cika shekara uku, kuma awa 18 ɗin nan ta koma 14 da 'yan kai. Agogon da a da yake kaiwa daga asuba har lokacin kwanciya sai ya fara mutuwa kusa da isha. Zafi yana gaggauta wannan lalacewa. Kamfanin ya ba da shawarar amfani da agogon a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali bazarar Sakkwato ko Yamai takan haura 40, ballantana cikin motar da aka rufe a rana. Alamar batirin da ya kumbura ita ce allo ya fara ɗagowa daga jikin agogon, kuma daga nan bai kamata a ci gaba da yi masa caji ba.

Awon lafiya shi ne babban abin da ke jan masu saye, kuma nan ne ya fi buƙatar lura. Koren hasken da ke walƙiya a bayan agogon yana shiga fata, jini yana shanye wani kaso nasa, sauran ya dawo. Duk bugu ɗaya na zuciya yana ƙara jinin da ke wurin, sai hasken da ke dawowa ya ragu, daga wannan hawa da sauka agogon ke lissafa bugun. Idan mutum yana zaune kuma maɗaurin ya kama hannu daidai, sakamakon yakan yi kyau. Idan maɗaurin ya yi sako-sako, ko hannu yana girgiza kamar a kan babur, ko sanyin hunturu ya rage jini a fata, lissafin yakan kauce. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada na'urori bakwai a 2017, suka tarar shida daga ciki ba su yi kuskuren da ya kai kashi 5 cikin 100 ba wajen bugun zuciya. Amma wajen ƙiyasin kuzarin da jiki ya ƙona, wadda ta fi kyau ta kauce da kashi 27, mafi muni kuma da kashi 93.

Awon iskar oksijin a jini ma da haske ake yinsa, ja da wani wanda ido ba ya gani, kuma launin fata yana iya shiga lissafin. Wani bincike na jami'ar Michigan a 2020 ya nuna cewa na'urar asibiti da ake maƙalawa a yatsa ta kasa gano ƙarancin oksijin a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da fararen fata. Binciken bai shafi agogo ba, amma agogo a kan hanya iri ɗaya yake aiki, a wurin da ma ya fi yatsa wuyar awo. Mai fama da asma ko ciwon huhu da ke jin numfashinsa yana sarƙewa bai kamata ya zauna gida don agogo ya nuna masa 97 ba.

ECG da Apple ya saka a agogonsa tun 2018 yana da amfani wajen gano wata cuta da ke sa bugun zuciya ya rikice, sai dai ta kusurwa ɗaya yake kallon zuciya, na asibiti kuwa ta kusurwa goma sha biyu, kuma ba ya gano toshewar jijiyar zuciya. Agogunan Samsung masu ƙiyasin hawan jini suna buƙatar a daidaita su da na'urar da ake ɗaurawa a dantse duk bayan mako huɗu. Suga kuwa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a Fabrairun 2024 cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna shi ba tare da huda fata ba. Mai ciwon suga da ya daidaita allurarsa da irin wannan lamba yana jefa ransa cikin haɗari. Agoguna masu araha da ke cika kasuwa suna yawan yin wannan iƙirari, kuma gwada su ba wuya: a cire agogon a kife shi a kan tebur, a danna awon bugun zuciya. Idan ya fitar da lamba, to ƙirƙira yake yi.

Ko batir bai mutu ba, kamfani na iya yanke wa agogon zamani kwana. Apple Watch na farko ya daina samun sabuwar manhaja a 2018, shekara uku bayan fitowarsa. Masu agogon Pebble kuwa sun rasa wasu ayyukansa a wannan shekarar, lokacin da Fitbit, wanda ya sayi kadarorin kamfanin a 2016, ya rufe kwamfutocin da agogon ya dogara da su. Canza batir ma ba kamar na Casio ba ne, domin da gam aka manne agogon, kuma idan aka buɗe ba a mayar da shi da kyau ba, ruwan alwala kaɗai ya isa ya shiga. Wannan abin dubawa ne ga mai sayen na hannu: a Apple Watch, Battery Health da ke cikin Settings yana nuna kason ƙarfin da ya rage, kuma wanda ya kusa 80 ya ci rabin ransa ko fiye.

Agogo mai batir yakan yi shekara goma ko ashirin idan ana canza masa batir da maɗauri, kuma ba a bar mataccen batir ya tsiyaye a ciki ba. Mai wani yana buƙatar mai gyaran agogo ya wanke shi ya sa masa mai kamar duk shekara biyar, kuma muddin ana samun kayan gyaransa yana iya wuce shekara talatin yana aiki, lokacin da mai agogon zamani ya riga ya sayi na shida ko na bakwai.