Raba Dukiya: Wace Masifa Ce Za Ta Ci Su Tare?

Ɗan kasuwar cikin birnin Kano yakan ce ya raba dukiyarsa idan yana da rumfa a Kurmi, ya kuma kama wata a layin baya. A gaskiya wuri ɗaya ya zuba ta, domin wutar da ta kama layinsa ba za ta tsaya a bakin rumfa ta biyu ba. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 sun san haka. Abin dubawa shi ne ko masifa guda za ta iya cin kadarorin nan a rana ɗaya.

Mu ɗauki misalin mai sayar da atamfa da ya tara naira miliyan goma a farkon 2023. Idan tsabarsu ya ajiye a gida, canjin kuɗin wannan lokaci ya same shi da tsofaffin takardun da 'yan kasuwa suka fara ƙin karɓa. Idan a banki suke, sun tsira daga wannan, amma wani abu ya ci su a ɓoye. A lokacin dala tana wajen naira 750 a Wapa, kuma zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Miliyan gomansa na nan cif a takarda, sai dai kayan waje da za su saya sun koma rabi.

To, ya zuba duka a ƙasa? Nan ma da sauran magana. Gida a lungun Yakasai ko Zage yana riƙe daraja, amma ba ya sayuwa ranar da asibiti ya nemi kuɗin tiyata. Mai gaggawar sayarwa, dillali ne ke yanka masa farashi. Idan gidan gado ne, sai kan magada ya haɗu. Takarda ma ba ta hana komai dungurungum: rusau ɗin shagunan Filin Idi a Yunin 2023 ya kwashe jarin mutane da yawa cikin 'yan kwanaki.

A ganina, mutumin nan ya fara ware kuɗin cefane da makarantar yara na wata shida, a ce miliyan biyu, ya sa a banki inda hannu zai kai. Miliyan huɗu su ci gaba da juyawa a rumfa. Biyu su shiga zinare, wanda farashinsa ke bin dala, kuma ana iya sayar da shi kaɗan-kaɗan, ko da yake kuɗin ƙira yakan faɗi wajen sayarwa. Matan birni sun daɗe da gane wannan dabara ta sarƙa da 'yan kunne. Sauran biyun su tafi fili mai sahihiyar takarda, ko Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017, ga mai gudun riba.

Kada kuma a manta da zakka: kuɗi da zinaren ajiya da kayan rumfa, idan sun kai nisabi shekara ta zagayo, ana fitar musu da ɗaya bisa arba'in.