Kuɗin shafin intanet ba ya ƙarewa ranar buɗewa

Ɗauki misalin mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, wanda ke son shafin intanet domin masu saye daga Abuja da Legas su zaɓi kaya su biya. Ya samu matashin da ya iya aikin, sun daidaita, a ce a kan naira dubu 400. A ransa lissafi ya ƙare. Abin da ke damuna ke nan, domin wannan ladan magini ne kawai.

Sunan shafin kansa haya ne. Adireshi mai ƙarewa da .com.ng ana yin rajistarsa ne ta kamfanonin da hukumar NiRA ta amince da su, kuma ana sabuntawa duk shekara. Haka ma masaukin shafin, wato kwamfutar da hotuna da bayanai ke zaune a kanta dare da rana. Idan kamfanin masaukin na ƙasar waje ne, da dala za a biya, kuma waɗanda suka sabunta nasu bayan faɗuwar naira a 2023 sun ji a jikinsu. Alhaji ya tsaya kai da fata a yi rajistar nan da sunansa da imel ɗinsa. In da na yaron aka yi, ranar da suka ɓata, ko ya canza lamba, saƙon sabuntawa ba zai iso ba, sai dai a wayi gari shafi ya ƙi buɗewa.

WordPress da WooCommerce, waɗanda ake yawan gina irin wannan kanti da su, kyauta ne, amma suna son kulawa. Dole wani ya riƙa sabunta su yana ajiye kwafin shafin, in ba haka ba masu kutse su samu ƙofa. A yanka wa wannan aiki kuɗin wata tun wurin ciniki. Karɓar kuɗi ma da nasa kason: Paystack kan cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, wato naira 550 a shaddar dubu 30.

Batun lokaci kuwa, ginin kan ɗauki mako biyu zuwa uku in komai na hannu. Hotuna ne ke jan ƙafa. Kaya kala 150, kowanne sai an shimfiɗa shi a haske mai kyau, an ɗauka daga nesa da kusa yadda zanen zai fito, an rubuta yadi nawa ne da farashi. In ana gama 15 a rana, kwana goma ke nan, ga kasuwa tana ci. Sai a ware mako shida, har da gwajin biya da wayar wani. Kuma duk sanda sabon kaya ya sauka ko farashi ya motsa, sai an sake zama da kyamara, don haka ladan mai ɗaukar hoto ya shiga lissafin wata-wata tare da na mai kula da shafin.