Gaskiya ko ƙarya, kuma mene ne hujja: Yadda ake tsara tambaya a kan kundin tsarin mulki

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin matasa: «'Yan sanda ba su da ikon tsare mutum fiye da awa 24.» Idan aka rubuta ta a takardar jarrabawa, ko aka jefa ta a gasar kacici-kacici ta ƙungiyar ɗalibai, aka ce a zaɓi gaskiya ko ƙarya, mafi yawa za su ce gaskiya ce. Amma wanda ya karanta Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 har ƙarshensa zai yi jim, domin ya san cewa wani lokaci maganar haka take, wani lokaci kuma ba haka take ba. Tambayar da aka gina a kanta za ta bai wa wanda ya haddace jita-jita maki, ta hana wanda ya karanta doka.

Wannan matsala ta shafi malamin da ke koyar da haƙƙoƙin ɗan ƙasa a sakandare, da masu shirya taron wayar da kai, da duk wanda ke son ya gwada ko matasa sun san 'yancinsu. Maganinta kashi biyu ne: a tilasta wa mai amsa ya kawo hujja, sannan mai tambaya ya fara rubuta hujjar kafin ya rubuta tambayar.

Dalilin neman hujja

Tambayar gaskiya ko ƙarya ƙofa biyu kawai take da su, don haka ko wanda bai taɓa buɗe kundin ba zai iya dacewa. A tambayoyi goma, hanyoyin da za a iya jera amsa 1,024 ne, kuma 638 daga cikinsu suna ba da amsa biyar ko fiye daidai. Ma'ana, idan rabin maki ne matakin cin jarrabawa, fiye da mutum shida cikin goma na masu canke za su haye. Da zarar an ƙara da cewa «kawo hujjarka cikin jimla biyu ko uku», canke ya daina amfani, kuma mai dubawa zai ga ainihin abin da ke cikin kan ɗalibi, har da kuskuren da ya kai shi ga amsar da ta yi daidai.

Sai dai neman hujja yana ɗora wa mai tambaya nauyi. Ba zai yiwu ya nemi hujjar da shi kansa ba zai iya rubuta ta a taƙaice ba. Saboda haka aikin yana farawa ne daga sashen doka.

Misali daga Sashe na 35

Ƙaramin sashe na 4 na wannan sashe ya ce a gurfanar da wanda aka kama bisa zargin aikata laifi a gaban kotu cikin lokacin da ya dace. Ƙaramin sashe na 5 ya fayyace lokacin: kwana ɗaya ne idan akwai kotu mai hurumi a cikin tazarar kilomita 40 daga inda aka kama shi ko ake tsare da shi, idan babu, kwana biyu ne, ko wani lokaci da ya fi haka wanda kotu ta ga ya dace da yanayin. Ƙaramin sashe na 7 kuma ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga tanadin ƙaramin sashe na 4.

Ashe abubuwa biyu ne ke juya amsar, wato nisan kotu da nau'in laifin. Maganar da muka fara da ita ba ta ambaci ko ɗaya ba, shi ya sa ba ta amsuwa. Gyaran shi ne a rufe duk ƙofofin a bar guda ɗaya. Ga yadda tambayar za ta kasance:

«'Yan sanda sun kama wani matashi ranar Litinin da safe a cikin birnin Kano bisa zargin satar waya ba tare da makami ba. Akwai kotu mai hurumin sauraron ƙarar a cikin birnin. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba su damar riƙe shi kwana biyu kafin su gurfanar da shi. Gaskiya ko ƙarya? Kawo hujja.»

Kowace kalma a nan da aikinta. An ce Litinin domin kada wani ya kawo batun ranakun da kotu ba ta zama. An ce ba tare da makami ba domin fashi da makami laifi ne da hukuncinsa kisa ne a Najeriya, wanda zai janyo ƙaramin sashe na 7. An ambaci kotu a cikin birni domin a rufe batun nisa. Abin da ya rage na ƙarya wuri ɗaya ne tak: «kwana biyu». Hujjar da ake jira ita ce: ƙarya ne, domin Sashe na 35 ya ƙayyade kwana ɗaya a inda kotu ke cikin tazarar kilomita 40, kwana biyu kuwa na inda babu kotu kusa ne, kuma laifin nan ba ya cikin waɗanda aka keɓe.

Daga wannan tambaya ana iya fitar da 'yar uwarta. A mayar da kamun wani ƙauye da kotu mafi kusa ke da nisan kilomita 70, a bar sauran kalmomin yadda suke, sai amsar ta koma gaskiya. Idan aka ba rabin aji ta farko, rabi ta biyu, za a gane wanda ya san ƙa'idar da wanda ya haddace «awa 24» kawai.

Rabon maki

A rubuta tsarin ba da maki tun kafin ranar jarrabawa. A misalin da ke sama, maki huɗu sun isa: ɗaya na cewa ƙarya ne, ɗaya na nuna inda tanadin yake, ɗaya na faɗin ƙa'idar kilomita 40, ɗaya kuma na ɗora ta a kan labarin matashin. Makin farko ba ya tsayuwa shi kaɗai. Wanda ya rubuta «ƙarya ne, domin zalunci ne» ya faɗi ra'ayinsa, amma bai nuna ya san doka ba, don haka bai ci komai ba. Wanda kuwa ya manta lambar sashe amma ya ce tanadin yana cikin Babi na Huɗu, babin muhimman haƙƙoƙi, kuma ya kawo ƙa'idar daidai, bai kamata a hana shi makin ba, domin fahimta ake aunawa, ba haddar lambobi ba.

A faɗi dokar da ake nufi

Tarko na biyu shi ne barin mai amsa ya yi ta laluben wace doka ake magana a kai. A duba wannan: «Ɗan Najeriya zai iya kai gwamnati kotu idan ba ta ba shi ilimi kyauta ba.» Wanda ya dubi kundin kaɗai zai ce ƙarya ne. Batun ilimi yana Sashe na 18, a Babi na Biyu, babin manufofin da aka ɗora wa gwamnati, kuma Sashe na 6, ƙaramin sashe na 6, ya hana kotuna hurumin tuhumar gwamnati kan ko ta cika abin da ke cikin wannan babi. Wani kuma zai ce gaskiya ne, ya kafa hujja da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta wa gwamnati samar da ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta. Kowannensu yana da abin riƙewa, kuma laifin na mai tambaya ne.

Gyaran shi ne a ce: «Sashe na 18 yana cikin haƙƙoƙin da Sashe na 46 ya ba mutum damar zuwa Babbar Kotu domin a kare masa su.» Wannan ƙarya ce tsantsa, domin Sashe na 46 ya tsaya ne a kan haƙƙoƙin Babi na Huɗu kaɗai. Yanzu hujjar za ta nuna ko ɗalibi ya san bambancin babin biyu, wanda shi ne abin da ake son ya sani.

Haka nan akwai amsoshin da suka rataya a kan hukuncin kotu. Bayan da 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano a 2003, jam'iyyar da wasu suka shigar da ƙara, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin a yi gangami ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Mai tambayar da ke jiran wannan hukunci a matsayin hujja ya tabbatar an koyar da shi, ya kuma saka «bisa hukuncin kotu» a cikin tambayar. Shekara ma tana da tasiri: kafin gyaran 2018, mai neman kujerar Majalisar Wakilai sai ya kai shekara 30, bayan gyaran kuwa 25 ne. Tambayar da aka kwafo daga tsohon littafi za ta kayar da wanda ya san dokar yau.

Alamomin tambayar da ta lalace

Kalmomi irin su «ko da yaushe» da «har abada» suna tona asirin amsa, domin ɗalibi mai wayo ya san cewa Sashe na 45 ya ba da damar taƙaita haƙƙoƙi da dama, ciki har da na faɗin albarkacin baki da na taro, saboda tsaro, zaman lafiya ko kare haƙƙin wasu. Zai ce ƙarya ne ko bai karanta batun ba. Haka kuma jimlar da ta ɗauki da'awa biyu, ɗaya gaskiya ɗaya ƙarya, tana sa hujjoji su watse.

Bayan an duba takardu, amsoshin da kansu za su ba da labari. Idan ɗaliban da suka fi ƙoƙari sun rabu biyu, kowane ɓangare da sashen da ya kawo, tambayar ce ke da lam'a, kuma adalci shi ne a karɓi duk hujjar da ta inganta, a gyara tambayar kafin a sake amfani da ita. Idan kowa ya zaɓi daidai amma hujjojin fanko ne, to kalmomin tambayar ne suka nuna hanya.

Wannan salo yana da iyaka. Ya dace da abin da nassi ya yanke: kwana nawa, shekara nawa, wane babi, wa aka ba wa haƙƙin, kowane mutum ko ɗan ƙasa kaɗai. Bai dace da abin da sai alƙali ya auna ba, kamar ko wata doka da ta taƙaita zanga-zanga ta cika sharaɗin Sashe na 45, ko tsawon lokacin da ya halatta a riƙe wanda ake zargi da kisan kai kafin a kai shi kotu. Irin waɗannan, a ba ɗalibi shafi guda ya yi bayani, ya kawo hujjar kowane ɓangare.